Rigar Muhuti Sai Watan Gani

A Ƙofar Taramniya in ka ce Maigandi mai ɗinkin riga, ba wanda zai tambaye ka wane Maigandi. Zaurensa na daura da masallacin unguwa, shi kuma yana ciki tun hantsi, riga shimfiɗe bisa gwiwa, allura a hannu, fuska a murtuke kamar wanda aka taka wa ƙafa. Ba fushi yake yi ba, haka Allah ya halicci fuskar. A lokacin Nasara sun riga sun zauna a bariki, yadin kanti ya fara shigowa kasuwa, amma duk mutumin da ya san ciwon kansa a Sakkwato rigar saƙi yake nema, mai aikin zaren tsamiya a ƙirji. Irin wannan aiki kuwa Maigandi ya gaje shi wurin ubansa, kuma ya iya shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Mutumin da ya fi ji da shi cikin masu kawo masa aiki shi ne Malam Abdulwahabu. Tun Malam yana ɗalibi a gaban nasa mahaifin bai taɓa sa rigar da ba daga gidan su Maigandi ta fito ba. Duk unguwa an san haka, Maigandi kuma ba ya bari a manta. Da aka ɗauki Malam aka yi shi muhuti, yana zaune kusa da alƙali yana taya shi duba littafi, sai ya aiko da saƙi mai kyau tun watan azumin tsofaffi, ya ce a yi masa aska takwas, da ita zai je Idin Sallar Layya. Babbar Sallarsa ce ta farko da sabon muƙami. Maigandi ya amsa da bakinsa cewa za ta samu.

Da kuwa ta samu. Aikin baya ya ƙare tun cikin azumi. Aljihu, wanda shi ne fuskar riga, shi ake yi wa aiki daban kafin a ɗora shi, ya rage kaɗan ƙwarai lokacin da watan Bawa ya kama, watan da ke tsakanin sallolin nan biyu. Saudatu matarsa, wadda ita ke dafa masa tsamiya da toka ta kaɗa ta zama zare, har ta fara cewa bana za su yi Sallah cikin kwanciyar hankali.

Sai Siddiƙu ya dawo gari.

Siddiƙu ɗan gwaggon Maigandi ne, wato taubashinsa. A zaure ɗaya suka koyi riƙon allura, kuma a lokacin Siddiƙu shi ne wanda ake rankwashi kullum saboda karkataccen ɗinki. Ya bi fatake ya yi ƙasar Nufe, ya daɗe can har aka daina tambayar labarinsa, sai ga shi ya dawo da ƙiba da dariya da wata riga a cikin jaka. Ba wani ya sa shi ɗinka ta ba. Ya ce ya yi ta ne don ya nuna wa mutanen gida abin da ya koyo, wanda ya so ya saya.

A ƙofar masallaci ya warware ta bayan La'asar. Mutane suka taru, Maigandi ma ya leƙo, wai hanya ce ta biyo da shi. Aska takwas ce ita ma, zane ɗaya da wanda ke zaurensa. Amma cikin asaken an cika su da 'yan huji ƙanana da aka zagaye da zare, kowane bai kai ƙwayar gero ba, a jere, ba wanda ya fi ɗan'uwansa. Maigandi ya kai fuskarsa kusa yana neman inda allura ta kauce. Ya bi aska ta farko har ƙarshe, ya bi ta biyu, ya juya bayan ƙyallen inda raggon maɗinki ke ɓoye ƙulle-ƙullensa. Bai sami komai ba, kuma wannan rashin samun ya fi masa zagi ciwo.

Siddiƙu ya ce, "Tsoho, bari shinshina ta, ba hura ba ta. In idanunka sun gaza, in ara maka nawa."

Aka kwashe da dariya. Maganar taubashi ce, ba a fushi da ita, wanda ya yi fushi shi ake yi wa dariya ta biyu. Dole Maigandi ya buɗe haƙora ya ce, "Ai gara da kat tahi Nuhe, can ba wanda yas san karkataccen ɗinkinka na da." Aka sake dariya, amma ba ta kai ta farko ba, kuma ya ji bambancin. Ƙyashi ne ya kama shi a wurin, ba wani abu ba, ƙyashi mai zafi wanda ke sa mutum ya ji yawun bakinsa ya yi ɗaci.

Da safe ya shimfiɗa nasa aljihun a hasken ƙofar zaure. Jiya kafin La'asar aiki ne wanda zai iya nuna wa kowa. Yau hujin sun yi masa faɗi, jerin ya yi masa kamar shukar ɗan koyo. Ya ɗaga shi sama, ya sauke, ya tafi ya sha fura ya dawo, aljihun bai gyaru ba. Ya tuna ranar Idi: Malam Abdulwahabu a sahun gaba, wani kuma ko wane ne sanye da rigar Siddiƙu a kusa da shi, mutane suna duban wannan suna duban wancan. Sai ya ɗauki 'yar askarsa ya sa a ƙarƙashin zaren farko.

Niyyarsa aska ɗaya zai warware, ya gwada irin na Siddiƙu ya gani. Da ya gwada sai sabon ya ƙi zama kusa da tsohon, ya bi ta biyu. Kafin Azahar aikin wata da watanni ya zama tulin gutsattsarin zare a kan tabarma. Tsamiya kuwa in an warware ta ba ta komuwa, ta riga ta tsefe. Shi kansa ƙyallen, inda allura ta yi ta ratsa shi aka kuma finciko zare, ya yi laushi, wuri biyu ma ya yage.

Saudatu ta leƙo da tuwon rana. Ta dubi tabarma, ta dubi mijinta, ta ajiye akushi a hankali.

"Malam, mi an nan?"

"Aiki na, ba ki gani?"

"Na gani. Zaren da nik kaɗa har yatsuna sunka tsage na. Ɓera yac ci shi, ko kai?"

Ba amsa take nema ba, don labarin rigar Siddiƙu ya riga ya shiga gidajen unguwa ta bakin masu tallan ƙuli. Ta ce, "Wagga riga ta ɗan gwaggo ita ta hana ka kwana. To sannu. Ga shi ka warware mishi hanya da hannunka." Ta juya ta shige, ta bar shi da tuwon da bai iya ci ba.

Ranar bai sake taɓa allura ba. Washegari ya nufi Mode masaƙi, wanda ya saƙa wa Malam saƙin, don sai an sami sabon ƙyallen aljihu mai rini ɗaya da jikin rigar, in ba haka ba daga nesa za a ga faci. Ya iske masaƙa a naɗe. Mode ya tafi fadama yankan shinkafa, kuma mutanen gidan suka ce ba ya zama kan masaƙa sai an kai amfani gida, bayan Sallah ke nan. Maigandi ya dawo yana tafe yana lissafi, lissafin yana ƙi masa. Saƙa, sannan zane da tawada, sannan sabon zare, sannan shi aikin kansa, da irin 'yan hujin nan da ke cin lokaci ninkin na da, sannan ɗora aljihu da shafi na cikin riga, sannan a kai wa mabuga su buge ta ta yi ƙyalli. Ko aljani ne shi, rigar nan ba ta zuwa Idi.

Ya yi kwanaki yana kewaye zancen. In ya hango wani daga gidan Malam sai ya shige cikin gida. Ya shirya ƙarya kala-kala, kuma ƙaryar masu ɗinki ba ta da wuyar samu: tsamiya ta yi wuya a kasuwa, ciwon ido ya kama shi, gara ta shiga zaure. Akwai kuma babbarsu, wadda kowane maɗinki ya gada, wato a yi shiru har jajibere sannan a ce gobe, goben kuma ta yi ta haihuwar wata goben. Ya gwada ta ciwon ido a gaban Saudatu don ya ji yadda za ta zauna.

Ta ce, "Ciwon ido? Kai da kullum kana zaure kana ƙirga wanda yash shiga gidan Siddiƙu da wanda yah hito? Malam muhuti na hwa. Aikinai ke nan, sauraren masu ƙarya tun sahe har Azahar. In ka yi mishi ta, ya gane, kuma ba shi ce maka komi, sai dai ka ga saƙinai ya bar zuwa gidanga. Tahi yanzu, tun shina da sauran lokacin da za shi nemi mahita."

Maigandi ya ji haushinta ƙwarai, musamman da yake ba ta faɗi abin da zai iya musawa ba. Abin da ke tsorata shi ba faɗan Malam ba ne. Tsoronsa kada Malam ya ce a naɗe rigar a kai wa wani ya ƙarasa, kuma duk garin nan ya san wane ne wanin.

Ranar Alhamis da hantsi, da yake ba a zaman shari'a sai an jima, ya naɗe rigar da yagaggen aljihun a cikin zane ya tafi. Malam Abdulwahabu na zaurensa bisa buzu, littafi buɗe a gabansa. Mutum ne siriri mai magana a hankali, irin waɗanda in sun yi shiru sai ka ji kana ƙara bayani ba a tambaye ka ba. Maigandi ya tuɓe takalma ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya. Malam ya dubi ƙunshin ya yi murmushi.

"Har ta ƙare? Lalle bana ka yi sauri."

"Allah shi gahwarta Malam, ba ta ƙare ba. Kuma ba ta ƙarewa kahin Layya. Shi yas sa niz zo yanzu, ban bari sai jajibere ba."

Murmushin ya tafi. Malam ya rufe littafin, ya sa yatsa a inda ya tsaya. "Wancan watan kac ce mani saura kaɗan."

"Na ce, kuma gaskiya ta a lokacin."

Ya kwance ƙunshin ya shimfiɗa aljihun. Malam ya ɗauka ya ɗaga, hasken ƙofa ya ratso ta wuraren da suka yage. Ya ce, "Gara?"

Ga ƙofa an buɗe masa, ba shi ma ya ƙirƙira ba. Kai kawai zai ɗaga. Maigandi ya ji kalmar tana yawo a bakinsa, ya dubi idon Malam, ya haɗiye ta.

"Ba gara ba ta. Ni na. Ni niw warware shi da hannuna."

"Kuskure kag gani cikin zanen?"

"Babu kuskure. Aikin lahiya lau shike." Malam ya tsare shi da ido, dole ya ci gaba. "Wani aiki nig gani wanda yah hi shi. Raina ya ƙi. Nic ce ba ka shiga Idi da abin da za a dubi na wani a ce ya hi naka. Niyyata in gyara wuri guda, sai hannu yaz zarce. Ƙyashi na, Malam, ba ni da wani suna da zan ba shi. Laihina na, ba na masaƙi ba, ba na mai zare ba."

Malam ya ajiye aljihun a kan gwiwarsa ya daɗe yana shafa shi. Ransa ya ɓaci, ana gani, don gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Riga tawa, alkawari nawa, kai kuma kash shiga gasa da ita ba ka shawarce ni ba. Da ka kawo mani ita yadda take, da na sa abina na gode maka."

"Haka na."

"To yanzu mi kaka so?"

"Lokaci nika roƙo. In Malam ya yarda, in kawo ta ranar da watan Gani yat tsaya, ka same ta kahin Mauludi."

"Gani!" Malam ya ɗaga murya karo na farko. "Maigandi, ka tsallake Layya, ka tsallake Cika-ciki, ka tsallake na bayanshi. Ba ka iya kawo ta Cika-ciki?"

Nan ma Maigandi ya ji sha'awar ya ce to. Mutum in yana durƙushe gaban wanda ya ɓata wa rai, duk ranar da aka ambata daɗi take yi masa, don dai a tashi lafiya. Amma ya riga ya yi lissafin nan a hanyar gidan Mode, ya sake yi a gida har ya gaji.

"In nic ce Cika-ciki na yi ƙarya ta biyu, ga shi ban yi ta hwarko ba. Mode na hwadama, ba shi hawa masaƙa sai bayan Sallah, kuma shi kaɗai ad da zaren da anka rina tare da na rigag ga. In ya saƙa, in zana. Iyalina na dahwa sabuwat tsamiya tun yanzu, wannan ba shi tsai da mu. Aikin aljihun kanshi, in za a yi shi yadda ya kamata, sai ya ci Cika-ciki duka da mahi yawan na bayanshi. Sannan ɗori da shahi da bugu. Na kuma bar 'yan kwanaki saboda abin da Allah ka iya kawowa, ciwo ko rasuwa cikin unguwa. Gani nika iya cikawa. In ta ƙare kahin nan, kahin nan za ka gan ta."

Maigandi ya san akwai sauran magana, wadda ta fi duk na baya nauyi, kuma in bai faɗe ta ba roƙon nasa bai cika ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In kau Malam ba shi iya jira, ga riga nan na kawo. Hakkinka na ka ba wanda kaka so shi ƙarasa. Aikin baya na nan lahiya, ban taɓa shi ba."

Da ya faɗa sai ya ji kamar ya miƙa wuyansa. Ya zuba wa ƙunshin ido yana jiran hannun Malam ya jawo shi.

Malam ya ce, "Aikin wa kag gani?"

"Na'am?"

"Wanda yas sa ka warware naka. Na san ka tun muna yara, ban taɓa jin ka yabi ɗinkin kowa ba, ko na mahaihinka sai ka ce da sauranshi. Wane na?"

Maigandi ya so ƙasa ta buɗe. Ya ce, "Siddiƙu."

"Siddiƙu na gwaggonka? Mai karkataccen ɗinki?" Malam ya yi 'yar dariya ta mamaki. "An ce mani ya dawo, ban ko kula ba. Ikon Allah."

Sai ya naɗe aljihun ya mayar cikin zanen, ya tura ƙunshin gaban Maigandi. Ya ce, "Ɗauki abinka. Hannun da yaf fara shi za shi ƙarasa. Da ka zo mani da zancen gara, da yau mun rabu, don na san aikin gara, ta ci mani littahi. Na yarda da Gani. Amma ka ji da kyau, ba ni son jin wata rana bayan wagga. In wata ya tsaya ban ga riga ba, kada ka zo da bayani, aiko da ita yadda take."

"In Allah ya so ba ka jin wata rana."

"Idi kuma in nemi abin da zan sa."

Maigandi ya yi godiya har ya rasa kalma, ya fito da ƙunshinsa a hammata. Tun daga ƙofar gidan har Taramniya ƙafarsa ba ta jin ƙasa. Riga ta tsira, Malam kuma bai kuɓuce masa ba. Abin da Malam zai sa a Idi bai dame shi ba ko kaɗan, don ya san adakar Malam cike take da aikinsa, akwai ma wata aska biyu ta shekarar da ta wuce wadda in an kai ta bugu za ta fito kamar sabuwa. Ya gaya wa Saudatu yadda aka yi, yana ƙara wa nasa jawabin gishiri. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Har sunan Siddiƙu kaf faɗa mishi?" Ya ce ai tambaya aka yi. Ta ce to, ta ci gaba da kaɗinta.

Kwanakin da suka rage kafin Sallah ya yi su yana gwaji a kan tsumma. Ya rage kaurin zare, ya canza allura, ya yi huji ya warware, ya sake yi. Sau biyu Siddiƙu ya leƙo zauren da tsokanarsa, ya ce in tsoho na son karatu ya zo da allonsa, ba ya karɓar ko goro. Sau biyun Maigandi yana jin takunsa yake tura tsumman ƙarƙashin tabarma. Ya fi son ya makance a kan allura da a ce ɗan gwaggo ya nuna masa riƙonta. A hankali dai hannun ya fara ganewa, hujin suka fara ƙanƙancewa, ko da yake jerin bai miƙe yadda yake so ba tukuna.

Ranar Idi gari ya fita. Maigandi ya sa farar rigarsa ya bi jama'a, aka yi sallah, aka saurari huɗuba daga nesa, aka fara watsewa kowa na saurin komawa ga ragonsa. A hanyar dawowa, inda turmutsutsu ya ɗan lafa, ya hango malaman alƙali suna tafe a ƙasa mutane na gaishe su. Ya miƙa wuya yana neman aska biyunsa ta bara.

Tun kafin ya ga fuskar Malam Abdulwahabu ya gane rigar. Ai ya taɓa bin ta aska bayan aska da hancinsa a kai. Ta sha bugu tana ɗaukar ido, ta kuma zauna wa Malam kamar a jikinsa aka yanka ta. Mutane na gaisuwa, amma idonsu na kan ƙirjin, wani tsoho har ya kai hannu ya taɓa. Maigandi ya tsaya cik a tsakiyar hanya, ana ture shi ta dama da hagu bai sani ba. Ba wanda ya yi masa laifi. Malam ya ce zai nemi abin da zai sa, ya kuwa nema, a inda aka nuna masa. Wanda ya nuna masan shi ne ke tsaye yana jin zuciyarsa na tafasa.

Malam ya hango shi, ya yafuto shi da fara'a. Dole ya matsa ya durƙusa ya yi barka da Sallah, idonsa a ƙasa don kada ya dubi aljihun, amma aljihun na daidai goshinsa. Malam ya ce, "Ashe gaskiya kaf faɗa mani, Maigandi, har cikin wannan. Mode ya dawo?" Ya ce gobe ko jibi ake sa ransa. Malam ya ce, "Madalla. Gani dai." Ya wuce, jama'a suka bi shi.

Maigandi bai gama miƙewa ba sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Ladan ne, dillalin riguna na babbar kasuwa, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana juya aikin maɗinkan garin nan a hannunsa, wanda in ya yaba riga farashinta ya tashi ke nan. Ya yi tafiya ƙauye, jiya ya dawo, bai san abin da ake ciki ba. Abin da ya sani shi ne abin da kowa ya sani, cewa Malam Abdulwahabu ba ya sa ɗinkin kowa sai na mutum ɗaya.

Ya kama hannun Maigandi da hannu biyu yana girgizawa. "Kai, Maigandi! Barka, barka! Tun hilin Idi nika bin rigag ga da ido. Walle tun da nika ganin aikinka ba ka taɓa yin irin wannan ba. Wanga shi na aikinka na gaskiya, na baya duk share hwage na. Ina kab ɓoye wanga hannu shekara da shekaru?"

Mutum uku ko huɗu suka tsaya suna saurare, suna gyaɗa kai. Siddiƙu ba ya kusa, Malam ya yi nisa. Murmushi kawai Maigandi zai yi ya ce an gode, ya tafi gida da yabon da bai taɓa samun irinsa ba. Sai ya girgiza kai.

"Ba ni na ba. Hannun Siddiƙu na."

Ladan ya saki hannunsa. Ya juya ya sake duban bayan Malam da ke nisa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "Af. To shi yas sa."